Hattara da masu sayar da gida ta zanen biro

Jama'a, musamman ku 'yan uwa mazauna Legas, Fatakwal, Akara da Saudiyya masu son mallakar gida a Kano, akwai wata damfara da ake yi da takarda guda. Wani mai kiran kansa dillali zai turo maka hoton zanen gida da aka yi da biro, ya ce ba zai iya ɗaukar bidiyo ba saboda akwai matan aure a ciki, sannan ya matsa maka ka turo kafin alƙalami don wai wani Alhaji yana hanya da kuɗinsa. Zanen hannu ba laifi ba ne, magina da yawa da shi suke aiki. Abin da waɗannan mutane suka dogara da shi shi ne ba za ka tsaya ka karanta zanen ba.

Ga irin wanda aka tura wa wani ɗan uwa. A saman takardar an rubuta fuloti ƙafa 50 da 50, ɗakuna shida, falo, shago, rijiya. A jerin gaba, ta bakin titi, an zana zaure mai faɗin ƙafa 10, shago 12, falo 18, sai ɗaki 14. Tara su, 54 ke nan, alhali gaban filin duka ƙafa 50 ne. Kuma ba a saka kaurin bango ba. Wurare huɗu a jere suna buƙatar bango biyar, idan bulo mai inci 9 ne, inci 45 ke nan, kusan ƙafa huɗu. Wato ginin da aka zana yana neman wajen ƙafa 58. Magini na gaskiya zai iya kuskuren ƙafa ɗaya ko biyu idan ya zana da ka, amma ƙafa takwas ba kuskure ba ne. Ko dai an kumbura ɗakunan, ko kuma zanen na wani gida ne dabam.

Daga nan sai ƙirgar ɗakuna. Kada ka ɗauki adadin da aka rubuta a sama, ɗauki takarda ka jera kowane murabba'i da sunansa da awonsa da inda ƙofarsa take. A wannan zanen, ɗaya daga cikin shidan ƙafa 5 da 6 ne. Katifa shida da shida ma ba za ta shiga ba, sito ne aka yi masa laƙabin ɗaki. Wasu biyu kuma da ɗigo-ɗigo aka zana su. A wurin masu zane, layin ɗigo yana nuna abin da ido ba ya gani ko wanda ba a riga an gina ba, kuma da aka matsa wa dillalin sai ya ce ai akwai filinsu, "ɗora bulo kawai ya rage". Saura uku. A cikin ukun nan, na jerin gaba ba shi da ƙofa ko ɗaya ta cikin gida, ƙofarsa lungu take kallo. Irin wannan ɗaki sau da yawa an riga an yanke shi, ko rabon wani magaji ne ko an sayar wa maƙwabci. Mai saye ya tashi da ɗaki biyu tabbatattu daga cikin shida.

Ku kula da lambar da ba a faɗi ma'auninta ba. Mita ɗaya ta ɗan haura ƙafa uku, don haka idan ka ga an rubuta 4 da 4 a nan, 12 da 12 a can, wataƙila an gauraya mita da ƙafa ne, sai ka sa a sake rubutawa da ma'auni ɗaya. Rijiya kuma, duba inda da'irarta ta zauna. A zanen nan bisa layin katanga take, alamar ta tarayya ce da maƙwabta, kuma sokawe yana manne da ita, wanda ko kyauta aka ba ka ruwanta ba na sha ba ne. Na lura kuma babu sunan titi, babu alamar gabas, abin da ko almajirin birkila yakan saka saboda alƙibla.

Zanen da lissafinsa ya daidaita ba ya nuna cewa gidan na mai sayarwa ne, ɗan damfara mai wayo zai iya kwafo na gaske. Saboda haka kafin kobo ya fita, tura naka mutum da tef, in da matan aure a ciki a tura mace, a auna gaban gida daga katanga zuwa katanga, a ƙirga ƙofofi da zanen a hannu. A je wurin mai unguwa a tambayi tarihin gidan, idan kuma an ce yana da takardar gwamnati a duba ta a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano. Dillalin da ya turo zanen nan, da aka ce masa za a turo mai tef ranar Asabar, sai ya ce maigidan ya yi tafiya da makulli, gidan da ya ce akwai iyali a ciki.