Ƙunshin wiwi biyu, hukunci biyu

"Jama'a, an kama wani a ƙauyenmu da wiwi a hannu, amma kotu ta sallame shi wai don kayan sun bi hannaye da yawa. Yaya haka?"

Malam, yawan hannaye ba ya kashe shari'a. Hannun da ba a rubuta ba shi ne matsala. Mu ɗauka an kama mutum biyu ranar kasuwa a wani ƙauyen Jigawa, kowanne da ƙunshin ganye mai nauyin kilo 2.

Na farko, jami'ai suka auna kayan a gabansa, suka yi gwajin farko, suka ɗebi samfur suka sa a ambulan, aka liƙe, shi da jami'in suka sa hannu ko suka dangwala. Ma'ajin kayan shaida ya karɓa, ya ba su lamba a rajista, da rana da sunan wanda ya kawo. Wanda ya kai samfurin ɗakin gwaje-gwaje sananne ne, masanin da ya gwada ya rubuta cewa ya tarar da liƙin lafiya, lambar rahotonsa kuma ta yi daidai da ta rajista. A Babbar Kotun Tarayya kowa ya zo ya faɗi daga wa ya karɓa, wa ya miƙa wa.

Na biyu kuwa 'yan sintiri ne suka kama shi da almuru. Kayan suka kwana a zauren mai unguwa cikin buhu, bakinsa ɗaure da igiya, sai da safe wani ɗan acaɓa ya kai ofis. Babu wanda ya auna, babu takarda. Rahoton gwaji ya dawo ya ce wiwi ce, ƙwarai kuwa, amma wiwin wa? Lauyan wanda ake tuhuma ba sai ya nuna an musanya ba. Tambaya kawai zai yi: wa ya tsare zauren da dare, su wa suka shiga, ina ɗan acaɓan? Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara tabbatar da laifi ba tare da sauran kokwanto mai ma'ana ba, wannan dare ɗaya kuwa ya isa kokwanto. Alƙali yana iya karɓar buhun a matsayin shaida, amma ya ƙi ba shi nauyi.

Da a ce babur ne mai lambar inji, giɓin ba zai yi wannan ɓarna ba, domin mai shi zai gane abinsa ko ya kwana a gida goma. Ganye da gari da ƙwayoyi ba su da kama, ambulan da sa hannu ne kaɗai sunansu. Shi ya sa in 'yan sintiri sun yi kamu, gara su kira jami'ai nan take, kowa ya janye hannunsa daga kayan, a rubuta lokaci da sunan duk wanda ya riga ya taɓa.