Na cire WhatsApp, na bi ajiyar hirar da ke Google Drive na goge: ga yadda na ga abin

Cire manhaja daga waya daban, goge ajiyar hirarta daban, kuma yawancin mutane na farkon kawai suke yi su ɗauka an gama. Idan ka cire WhatsApp daga wayar Android abin da ke cikin manhajar ne ya tafi, amma kwafin hirar da take turawa akawun ɗinka na Google yana nan daram, da saƙonni da hotuna da muryoyi, har da bidiyo in ka taɓa kunna zaɓin haɗa shi a ajiyar. Tun daga 2024 kuma wannan ajiyar tana cin rabonta cikin giga 15 ɗin da ake ba kowa kyauta, wanda Gmail da Google Photos ma daga ciki suke ci, shi ya sa za ka ga mutum ya cire manhaja tuntuni amma imel na ce masa wuri ya kusa cika.

Ni tsohon layi ne na daina amfani da shi, akwai hirarrakin aiki a ciki da takardun mutane da aka turo min, gaskiya ban ga dalilin da zai sa su ci gaba da zama a can ba. Amana ce ai.

Abu na farko, ajiyar ba ta fitowa cikin fayilolinka na yau da kullum, ko ka rubuta sunanta a wurin bincike ba za ka gan ta ba. A manhajar Google Drive sai ka taɓa layuka ukun nan na sama ta hagu, ka shiga Backups, nan za ka ga ta WhatsApp da lambar wayar a jikin sunan da ranar ƙarshe da aka tura. Ka taɓa ɗigo uku na gefenta, Delete backup, ka tabbatar, shi ke nan. Aikin bai fi minti ɗaya ba kuma lambar da ke jikin sunan ta burge ni sosai, don ita ta nuna min ta tsohon layi nake gogewa ba ta wanda nake amfani da shi ba. A dai kula, a jerin nan akwai ajiyar wayar kanta mai ɗauke da sunan wayar, wannan ta tsarin waya ce da tarihin kira da SMS, kar hannu ya kai kanta.

Wanda ya shiga ya ga wayam kar ya yi saurin murna, ya duba hoton akawun da ke sama tukuna, da yawanmu Gmail biyu ko uku ne a waya ɗaya kuma ajiyar tana cikin wanda aka zaɓa tun farko ne kawai.

Inda nake so a tsaya a yi tunani shi ne ba ta zuwa kwandon shara. Fayil na Drive in ka goge yana zama a Trash kwana 30, wannan kam da ka tabbatar ta tafi kenan, babu mai dawo maka da ita. In akwai hirar da kake so, misali ta wani mamaci ko shaidar bashi, sai ka mayar da manhajar da wannan layin, ka dawo da hirar, ka fitar da ita ta Export chat, sannan ka goge. Amma fa kafin ka sake cirewa ka kashe turawar a Chat backup, in ba haka ba za ta iya tura sabuwa, ka koma gidan jiya.

Hotuna ma ba lallai su bi ta su tafi ba. In Google Photos yana kwashe folda ta WhatsApp Images, suna can zaune, sai ka bi su ka goge daban.

Masu iPhone nasu a iCloud yake, inda kyautar giga 5 ce kacal: Settings, sunanka, iCloud, wurin sarrafa ma'aji, ka nemi WhatsApp ka goge bayanansa. Ku leƙa Backups ma, don ajiyar wayar gaba ɗaya tana iya ɗauke da wani kwafin, musamman ta tsohuwar waya da aka ajiye.

Ni dai na gamsu. Na koma Backups babu ita, wurin da ta cinye ya dawo min bayan ɗan lokaci. Wanda ya san ya bar layi har abada, ya fi masa ya yi Delete account tun manhajar tana kan waya, don wannan yana fitar da shi daga guruf-guruf ya kuma goge ajiyar Google ɗin, duk da haka ya leƙa Backups ya gani da idonsa.