Sunanka ko sunan sana'ar: wanne za ka sa wa sabuwar tasha?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gyaran waya a Fam Santa, Kano, ina so in buɗe tashar YouTube in riƙa koyarwa. In sa mata sunana da TV a ƙarshe kamar yadda kowa yake yi, ko sunan sana'ar? Kuma me ake rubutawa a dogon hoton nan na sama da wajen bayani?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu jera tashoshi biyu, mu dube su da idon baƙon da wayarsa ta daina caji, ya ari ta ƙaninsa yana neman mafita.

Ta farko tana ɗauke da sunanka da TV. Ta biyu sunanta "Gyaran Waya a Sauƙaƙe". Baƙon nan bai san ka ba, don haka sunanka bai faɗa masa komai ba, TV ɗin ma ba ta ƙara komai, tunda masu barkwanci da masu wa'azi da masu fassarar fim duk ita suke liƙawa. Ta biyu kuwa tun kafin ya taɓa bidiyo ta gaya masa abin da ke ciki, kuma kalmomin da ya rubuta a wajen nema su ne a sunanta. Inda ta farko ta fi ta biyu shi ne idan an riga an san ka, ko kana da niyyar gobe ka koma tallan waya ko hira da 'yan kasuwa, don sunan sana'a yana ɗaure mutum. Ni dai da ni ne, sana'ar zan sa a gaba, laƙabin da aka san ni da shi a kasuwa ya biyo baya. YouTube yana barin a canza suna sau 2 cikin kwana 14, amma kada ka mai da shi riga, masu bin ka za su ɓace maka.

Akwai kuma gajeren sunan da ke farawa da @, harafi 3 zuwa 30. Ka sa ya yi kama da sunan tashar, kuma ka guji ɗ da ƙ a cikinsa, don yawancin mutane d da k suke bugawa.

A hoton sama ne aka fi yin ɓarna. Mai tasha ta farko yakan cika shi da hotonsa cikin babbar riga, lambar waya a kusurwa, tambarin Facebook da TikTok a gefe. A kwamfutarsa ya yi kyau. Amma hoton guda ɗaya ne YouTube yake yankawa daidai da kowace na'ura: talabijin ce take nuna shi duka, waya kuwa siririn tsakiyarsa kawai take nunawa. Sai ka ga an sare kai, lambar ta tafi. Mafi ƙarancin girman da ake karɓa fiksel 2048 x 1152 ne, nauyinsa kada ya wuce 6MB, kuma a wannan girman wurin da rubutu yake tsira a kowace na'ura 1235 x 338 ne kacal a tsakiya. Mai tasha ta biyu a wannan ɗan filin ya rubuta layi ɗaya da manyan haruffa: "Gyaran waya ɗaya kowace Juma'a, da Hausa." Sauran hoton teburin aiki ne da mita da sukundireba, ko an yanke babu asara. A YouTube Studio, ƙarƙashin Customization, ake ɗora shi, kuma a nan za ka ga yadda zai fito a waya kafin ka danna Publish.

Wajen bayani yana ɗaukar harafi 1,000, amma layin farko kaɗai ake gani sai an taɓa. Ta farko ta ƙone shi da "Barka da zuwa tasharmu mai albarka, ku danna ƙararrawa." Ta biyu ta ce: "Muna koyar da gyaran wajen caji, sikirin da batir, daga kwancewa har ɗaurawa, don masu koyon sana'a." Gaisuwa da unguwar da shagon yake sun zo a ƙasa.

Layin nan na tsakiyar hoton sama alƙawari ne, kuma alƙawari kaya ne. Wanda ya rubuta "kullum" zai gamu da rashin wuta da ƙarewar data da ranar da kwastoma suka yi masa yawa, sai baƙo ya ga bidiyon ƙarshe ya yi wata biyu, ya juya. Kafin ka rubuta "kowace Juma'a", ka ɗauki bidiyo 4 ka ajiye. In haɗa su ya ci maka wata biyu, to "sau biyu a wata" za ka rubuta.

In ka gama, miƙa wa maƙwabcinka na shago wayar ya kalli shafin na ɗan lokaci, ka karɓe, ka tambaye shi me ake koyarwa kuma yaushe sabo yake fitowa. In ya fara "ina ga kamar", koma ka gyara layin tsakiyar hoton tukuna.