Gargaɗi: kada ku biya kuɗin gas ko kwamfuresa don kawai fankar esi tana juyawa babu sanyi

Jama'a, musamman mutanen Kano da ke da esi mai gida biyu, wato ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, ina roƙonku ku karanta wannan kafin ku sake kiran mai gyara. Akwai wani salon cuta da wasu masu yawo da tukunyar gas a bayan babur suke yi, ya ci ni N30,000, ya ci maƙwabcina abin da ya ninka haka sau da yawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Yadda abin yake tafiya zan faɗa, don shi ne zai amfane ku.

A tsakiyar watan Afrilu ne, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi. Esin ɗakin Hajiyarmu, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, ya wayi gari yana huro iska mai ɗumi. Na duba rimot, yana kan Cool, lamba 18. Na zagaya bayan ɗaki, fankar injin waje tana ta juyawa lafiya lau. Hajiya tana da hawan jini, zafi yana hana ta barci, don haka hankalina a tashe yake. Wani yaro a layinmu ya ba ni lambar mai gyara, kafin azahar sai ga shi.

Ko murfin injin bai buɗe ba. Ya tsuguna ya kwance hular bakin da ake ɗura gas, ya danna 'yar allurar ciki da tsinin sukundireba, iska ta yi fiss da ƙarfi, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ka ji ko? Saura ɗan kaɗan. Gas ne ya ƙare, ai duk shekara sai an ƙara." Ya jona tiyo daga wata tukunya wadda ko rubutu babu a jikinta, ya yi kamar minti biyar, ya karɓi kuɗi, ya ce a ba shi awa biyu gas ya zauna. Har magariba babu sanyi. Da na kira shi, ko gezau bai yi ba, ya ce, "To Alhaji, in gas bai yi ba kwamfuresa ce ta mutu. Gobe zan zo in cire injin in kai shago, akwai ta Beljiyam mai kyau, ka shirya rabin kuɗi."

Allah Ya taimake ni, a masallaci na ba wani dattijo labari, tsohon mai gyaran firji da esi ne, ya ce kada in bari a kwance ko noti ɗaya sai ya gani. Abin da ya nuna mini washegari shi ne dalilin wannan rubutu.

A cikin akwatin nan na waje injuna biyu ne, kowanne da aikinsa. Akwai fanka, wadda muke gani tana juyawa, aikinta kawai ta kore zafi daga jikin ragar nan ta baya. Akwai kuma kwamfuresa, baƙar tukunya a ɓoye ta gefe, ita ce take matse gas tana zagaya da shi tsakanin ɗaki da waje, kuma in ba ta tashi ba babu sanyi ko kaɗan. Saboda haka juyawar fanka ba ta nuna cewa kwamfuresa tana aiki. Abin da take nunawa shi ne wuta tana isa waje, kuma injin ɗaki ya ba da umarnin a fara sanyi. Mai cuta ya san yawancinmu ba mu san wannan bambanci ba, a nan yake shiga.

Dattijon ya sa na kashe esin na kunna, muka tsaya a bayan ɗaki. Ya ce in yi haƙuri, esi yana jinkirta kamar minti 3 kafin ya tada kwamfuresa, haka aka ƙera shi. Fanka ta tashi, sai muka ji wani gurnani mai nauyi na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ƙas, ya yi shiru, fanka kaɗai ta ci gaba. Bayan 'yan mintoci aka sake gurnanin, aka sake ƙas. Ya maƙala mitarsa mai baki kamar na ƙaguwa a jikin waya. Lokacin gurnani ta haura amfiya 20, da aka yi ƙas ta faɗo ƙasa da amfiya ɗaya, abin da fanka kaɗai ke ja ke nan. Ya ce, "Ɗana, kwamfuresarka tana da rai. So take ta tashi, ba ta samun mai tura ta, sai ta yi zafi, makarin da ke jikinta ya yanke wuta don kada ta ƙone."

Mai turawar shi ne kafasita. Ya kashe wuta daga bango, ya kwance ɗan murfin gefe, ya nuna mini wani gwangwani mai ruwan azurfa, bai fi ƙaramin gwangwanin lemo ba. Samansa ya kumbura kamar burodin da ya tashi, alhali lafiyayye a shafe yake. A jikinsa an rubuta 35µF ±5% 450VAC. Da ya sauke cajin da ke ciki ya auna, mita ta nuna 6 maimakon 35. Kusa da shi akwai wani ɗan ƙaramin baƙi mai kusurwa huɗu, na fanka, shi lafiyarsa ƙalau, shi ya sa fanka take ta aikinta. A wasu esin gwangwani ɗaya ne mai baki uku, C da HERM da FAN, kuma ɓangaren kwamfuresa yana iya mutuwa na fanka yana aiki. Zafin rana da wuta mai hawa da sauka su suka fi kashe shi, mu kuwa duka biyun muna da su.

Ya aiki yaronsa ya sayo sabo mai lamba iri ɗaya, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na biya na gas ba. Aka ɗaura, aka kunna. Kwamfuresa ta tashi da ƙara mai laushi ba yankewa, mita ta tsaya a amfiya 5 da ɗoriya. Cikin minti goma ya kama hannuna ya ɗora a kan bututun jan ƙarfe mai kauri da ke shiga injin waje: sanyi ƙalau, har yana raɓa. Iskar da fanka ke hurowa kuma ta koma zafi, wadda a da ba ta da bambanci da iskar gari. Hajiya ta leƙo ta taga tana sa masa albarka.

Waɗannan abubuwa uku kowa yana iya duba su ba tare da ya kwance komai ba: ƙarar kwamfuresa, sanyin bututu mai kauri, da zafin iskar da ke fita waje. Amma don Allah kada ku buɗe murfin da kanku. Kafasita yana riƙe caji ko bayan an kashe wuta, yana iya jan mutum.

Maganar gas ita ta fi ƙona mini rai. Gas ɗin esi ba man janareta ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake yana zagayawa cikin bututu, in babu inda yake yoyo zai yi shekaru ba a taɓa shi ba. Duk wanda ya ce muku duk shekara sai an ƙara, ko dai bai san aiki ba ko aljihunku yake so. Gas yana iya raguwa da gaske, amma alamarsa daban: kwamfuresa tana aiki ba ta tsayawa, sanyin ɗaki ya yi rauni, siririn bututu yakan yi ƙanƙara, kuma sau da yawa za ka ga maiƙo da ƙura sun taru a kan notin da ya haɗa bututun, don mai yana biyo gas ta inda ya huje. Mai gyaran kirki zai shafa kumfar sabulu ya nemo wurin, ya gyara, ya zuƙe iskar ciki da injinsa, sannan ya ɗura irin gas ɗin da aka rubuta a takardar jikin injin, R22 ne ko R410A ko R32, ba a gauraya su. Kuma da geji, wato agogon auna ƙarfin gas, ake aunawa kwamfuresa tana aiki. A R22 ɓangaren bututu mai kauri yakan zauna wajen 60 zuwa 70 psi, a R410A kuwa sama da 100. Wancan fiss ɗin da aka jiyar da ni, shaida ce ma ta cewa akwai gas a ciki. Dattijon da ya sa geji ya tarar da shi daidai, ya ce da wuya in mutumin ya ko buɗe tukunyar tasa.

Ba kullum kafasita ba ne, kada in ɗora ku a kan hanya ɗaya. In wutar Nepa ta yi ƙasa sosai, maimakon 220 zuwa 230 ta sauko wajen 180, fanka za ta juya amma kwamfuresa ta kasa tashi, ta yi irin wannan gurnanin, kuma maganinsa sitabilaiza ne. In ƙurar hunturu ta toshe ragar baya, kwamfuresa takan yi aiki na ɗan lokaci ta yi zafi ta yanke, wanki kawai take so. Wani lokaci wayar da ke kan kwamfuresar ce ta ƙone a bakinta. Esi mai inbata kuma kwamfuresarsa ba ta da irin wannan kafasita, allon lantarki ne yake tuƙa ta, kuma yakan nuna lambar matsala a fuskar injin ɗaki. Kwamfuresa ma tana mutuwa da gaske, amma ba a yanke mata hukunci da ido. Sai an bar ta ta huce, don mai zafi tana iya nuna kamar ta yanke, an auna tsakanin bakunanta uku, C da S da R, an duba ko wuta tana taɓa jikinta, an kuma gwada ta da sabon kafasita. In bai yi wannan a gabanku ba, kada injin ya bar gidanku.

Maƙwabcina bai samu wanda ya tsayar da shi ba. Mutumin nan dai, watanni biyu kafin ni, ya ɗauke masa injin waje, ya dawo da shi bayan kwana uku yana sanyi, ya karɓi kuɗin kwamfuresa da na gas da na aiki. Da na ba shi labarina ya roƙi dattijon ya duba masa. Aka buɗe, sai ga kwamfuresa an fesa mata baƙin fenti har kan takardarta, amma haɗin bututunta na kamfani ne, babu alamar an taɓa kai masa wutar walda. Ba a iya canja kwamfuresa ba tare da an narka haɗin nan ba. Sabon abu ɗaya ne a cikin akwatin, kafasita.

Mun kira lambar mai tukunyar gas ɗin, ya ce yana tafiya, daga baya ta daina shiga. Yaron da ya ba ni lambar ya ce shi ma a jikin bango ya gan ta an rubuta da fenti, kuma har yanzu ana ganin mutumin a unguwannin da ke kusa da mu da tukunyar nan marar rubutu, ba geji ba mita. Duk wanda ya zo muku ya ce gas ko kwamfuresa, ku ce ya buɗe murfin gefe ya auna kafasita a gabanku, ya nuna muku lambar da mita ta bayar da wadda ke rubuce a jikinsa. In an canja wani abu kuma ku karɓi tsohon. Nawa kumburarren yana nan a aljihun mota, shi nake nuna wa mutane.