Kayan gyaran gira da na saya: wata huɗu ina amfani da su

Ƴar jaka ce na saya a wani shagon kayan kwalliya, a ciki akwai hantsaki mai karkataccen baki, ƙaramin almakashi, burushin gira, farin fensir da madubi mai ƙara girma. Kafin ita reza nake sa wa girata, kullum ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Fensirin ne ya fi min amfani. Da shi nake awo kafin in taɓa ko gashi ɗaya. Nakan tsayar da shi a gefen hancina ya miƙe sama, in ɗiga alama, nan ne farkon gira. Sai in karkata shi ya bi ta gefen baƙin idona na waje ina kallon gaba, nan ne tudunta. Daga gefen hanci zuwa wutsiyar ido kuma, nan take ƙarewa.

Sai dai awon nan bai san fuskar kowa ba. Ni idanuwana suna da tazara, filin da ke tsakaninsu ya fi faɗin ido ɗaya. Ranar farko na bi alamar sak, na cire gashin da ke kusa da karan hanci, sai fuskata ta ƙara buɗewa, idanun kamar sun yi hannun riga. Ashe mai irin idona barin gashin nan take yi, har ta ƙara masa jagira kaɗan. Wadda idanunta suka matsu ce za ta ɗan rage shi, ita ma gashi biyu ko uku kawai.

Tudun kuma yanzu yatsa nake sa wa. Ina lalubar ƙashin da ke saman ido, inda ya fi tasowa nan nake barin girar ta hau, ko da ya ɗan saɓa da alamar fensir.

Madubin nan kam ban ji daɗinsa ba. Yana nuna miki kowane siririn gashi kamar shi ne matsalar, ki yi ta cira ba ki ga fuskarki gaba ɗaya ba. Da shi na huda girar hagu, wurin ya ɗauki kusan wata uku kafin ya cike, kuma yawan tsige wuri ɗaya yana iya sa gashin ya daina fitowa. Na ajiye shi. Bakin taga nake zama da madubi na yau da kullum, bayan wanka da ruwan ɗumi, in ja gashi ta inda ya kwanta. Duk bayan gashi uku sai in ja baya in duba.

Hantsakin yana kama gashi tun daga tushe, ba ya guntule shi. Almakashin dai sai an taje girar sama, a datse abin da ya yi zarra kaɗai.

Yayata ba ta tsige gira saboda maganar malamai a kai, amma ta ari fensirin. Awon take yi, ta cike da jagira, kuma tata ta fito tsaf.