Wata ɗaya ina gwaji a manhajar da ke zaftare maki

Na biya kuɗin wata ɗaya a wata manhajar gwajin jarrabawa saboda tantancewar neman aiki da zan yi ta intanet. Mu da muka saba da JAMB, inda ba a rage maka komai idan ka faɗi tambaya, cankar amsa ta zame mana jiki. Nan kuwa zagaye uku ne, kowanne tambaya 20 cikin minti 15, wato daƙiƙa 45 ga kowace tambaya. Ka ci, maki 2. Ka faɗi, a cire 1. Ka tsallake, ba ci ba asara.

Ranar farko, a wani kafe da ke Kabuga, na amsa duka 20. Na ci 11, na faɗi 9, maki 22 ya koma 13. Jikina ya yi sanyi.

Shafin sakamakon ne ya fisshe ni, domin yana nuna abin da kowane kuskure ya ci maka. Da shi na zauna na yi lissafi. Zaɓi huɗu ne, don haka idan na canki tambaya huɗu ido rufe, galibi ɗaya zan ci: 2 ya shigo, 3 ya fita. Idan na iya soke zaɓi ɗaya, cikin uku zan ci ɗaya, 2 ya shigo, 2 ya fita, an yi canjaras. Sai na soke biyu ne cankar ke da riba. Tun daga nan, tambayar da na kai daƙiƙa 20 ban soke biyu ba, sai in wuce abina.

Amma wannan lissafin na jimillar maki ne. Zagaye na biyu sai ka kai maki 20 ake buɗe maka na uku. Wata rana ina da amsa 9 da na tabbatar, maki 18, saura minti biyu, na tsallake sauran saboda tsantseni. Aka rufe ni a bakin ƙofa. Da na canki ko da guda ɗaya, da ina da dama, tunda 18 da 17 duk faɗuwa ce. A zagaye na uku kuwa, inda jimilla kawai ake dubawa, sai in koma ƙa'idata.

Abin da ya ɓata min rai shi ne maɓallin tsallakewa yana manne da na miƙa amsa, sau biyu babban yatsana ya zame a waya. Kuma agogon ba ya tsayawa idan sabis ya ɗauke. Wannan ban ga laifinsu sosai ba, gara in saba tun yanzu. Mai yi da waya dai ya kwantar da ita a kan tebur kafin ya fara. Ni na ƙara biyan wata na biyu.