Layi, sanduna ko da'ira: wane zane ya dace da alƙalumanka?

Duk wanda ya buɗe Excel ya danna Insert zai tarar da zane-zane jere kamar kaya a kanti. Galibinsu ado ne. Ukun da aiki ke hawa kansu su ne na layi, na sanduna da na da'ira, waɗanda a allon kwamfuta ake gani da sunan Line, Column ko Bar, da Pie. Dukansu tsofaffi ne, domin William Playfair, mutumin Sikotland, shi ya fito da na layi da na sanduna a 1786, ya ƙara da na da'ira a 1801. Ni dai tun da wuri in faɗi inda na karkata: sanduna nake ɗauka, sai in akwai dalili mai ƙarfi na barin su.

Idon mutum ya fi iya gwada tsayi da tsayi, musamman idan duka sun tashi daga tushe ɗaya, fiye da gwada faɗin kusurwa. Masana ƙididdiga Cleveland da McGill sun jarraba wannan a kan mutane a 1984, suka tarar an fi yin kuskure wajen kimanta yanka-yankan da'ira. Amma ba sai an je nesa ba, a ɗauki sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya na 2023. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Wannan rabon abu guda ne, don haka hannun kowa zai tafi ga da'ira. To, Atiku na da kusan kashi 29 cikin ɗari, Obi kashi 25. A da'ira yankan ɗaya zai kama digiri 105, ɗayan 91, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren. Cire lambobin ka miƙa wa mutum, sai ya karkata kai yana lalube kafin ya ce ga babba. Ga kuma sauran 'yan takara 14 da suka raba abin da bai kai kashi 3 ba: in ka ba kowa yankansa, sai su zama siraran zare masu launi iri-iri, ba wanda zai karantu.

Zuba alƙaluman nan a sanduna kwance, babba a sama, ƙarami a ƙasa, ka haɗe ƙananan a sanda ɗaya mai suna "sauran". Nan take tazarar ƙuri'a kusan 883,000 da ke tsakanin na biyu da na uku za ta fito fili. Na ce kwance ne saboda sunaye. Idan sandunan na tsaye kuma sunayen dogaye ne, irin na ƙananan hukumomi ko na kayan shago, manhajar karkatar da rubutun take yi, mai karatu a waya ya riƙa juya wuya. A kwance kuwa kowane suna na samun layinsa. Kada a manta da jerawa daga babba zuwa ƙarami, ana yin ta da Sort tun a tebur kafin a zana, sai dai a teburin ƙarami ake sawa a sama, domin Excel kan juya jerin a sanduna kwance. Jerin abacada ba ya nuna komai sai dai in mutum sunan garinsu yake nema. Launi ɗaya ya wadatar, sai sandar da ake magana a kanta a ba ta nata daban.

Da'ira na da wuri ɗaya da nake yarje mata: yanka biyu ko uku, kuma tambayar ita ce "ya kai rabi ko bai kai ba?" A zaɓen nan, in abin da kake son nunawa shi ne babu wanda ya samu rabin ƙuri'u, za ta yi. Bayan wannan ba ni da buƙatarta.

Layi kuwa na lokaci ne, kuma a nan ya fi sanduna, ba musu. Farashin buhun masara wata-wata na shekara uku maki 36 ne. Sanduna 36 shinge ne, layi ɗaya kuwa zai nuna maka faɗuwar kaka da hawan bazara. Sharaɗinsa shi ne abin da ke ƙasa ya zama mai bin juna. Wanda ya ja layi daga Kano zuwa Katsina zuwa Sakkwato ya nuna hawa da sauka da babu su, tunda ba abin da ya "tashi" daga wannan jiha zuwa waccan.

Akwai tarko a layin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ƙidayar Najeriya ta ba da mutum miliyan 55.7 a 1963, miliyan 89 a 1991, miliyan 140.4 a 2006. In ka sa shekarun nan uku a Line, Excel zai ɗauke su a matsayin sunaye kawai, ya ba su tazara daidai wa daida, alhali ta farko shekara 28 ce, ta biyu 15. Ƙarin farko bai wuce miliyan 1.2 a shekara ba, na biyu ya kai miliyan 3.4, amma zanen zai sassauta bambancin. Maganinsa Scatter with Straight Lines, wanda ke ajiye kowace shekara a ainihin mazauninta.

Sai maganar masu ha'inci, wadda ita ta fi ci mini rai. Wani dillalin iri ya taɓa kawo wa ƙungiyarmu ta manoma takarda mai sheƙi, da sanduna biyu na yawan tsiro. Tasa ta ninka ta abokin hamayyarsa sau huɗu a tsayi, kuma a kan haka ya tsawwala kuɗi. Aka saya. Daga baya da aka duba lambobin gefe, ashe ma'aunin daga 90 ya fara. Nasa irin 98 ne cikin ɗari, ɗayan 92. Sama da 90, ɗaya na da 8, ɗaya na da 2, shi ne ninkin huɗun da muka gani, alhali bambancin ƙwaya shida ne cikin ɗari. Bai rubuta ƙarya ko ɗaya ba, ƙafafun sandunan kawai ya yanke. Tun daga nan, kafin in kalli tsayin sanda sai na duba ƙasan gefen hagu. In ba sifili na gani ba, ko babu lambobin gaba ɗaya, takardar ta faɗi.

Abin haushi, Excel da kansa yakan yi wannan yankan idan alƙaluman sun yi kusa da juna, sai mai gaskiya ya fitar da zanen ha'inci bai sani ba. Danna lambobin gefe da maɓallin dama, ka zaɓi Format Axis, ka mayar da Minimum zuwa 0. Wannan ƙa'idar ta sanduna ce, saboda tsayinsu ne ke magana. Layi na iya farawa daga sama idan motsin ne abin dubawa, muddin lambobin na bayyane.

Da'ira mai tudu, wadda ake kira 3-D Pie, ita ma kayan aikinsu ce. Da zarar an kwantar da ita, yankan da ke gaba yakan kumbura har da kaurin gefensa, na baya ya tsuke, kuma ka lura, kason mai tallar kullum a gaba yake. Wasu ma kasonsu in ka tara ya haura ɗari, saboda an bar masu amsa tambaya sun zaɓi abu fiye da ɗaya. Irin wannan ba rabon abu guda ba ne, sanduna ne mahallinsa. Haka layi biyu masu ma'auni biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama: mai zanen na iya miƙe wannan ya tsuke wancan har su bi juna ko su gitta a duk inda ya ga dama. In aka kawo maka irinsa, ka nemi teburin lambobin, ka zana kowanne daban, ɗaya a saman ɗaya, da shekaru iri ɗaya a ƙasa.